Sanarwa ga Ma'aikata: Sauya Lokutan Aiki na Watannin Zafi

Daga: Manajan ofishin kago na Jidda
Zuwa ga: Ma'aikatan sito, direbobi da ma'aikatan ofis
Rana: Laraba, 11 ga Yuni 2025 (15 ga Zulhijja 1446)

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, barkanmu da Sallah, sannunku da ƙoƙari.

Daga ranar Lahadi 15 ga Yuni har zuwa Litinin 15 ga Satumba, za mu ajiye tsarin ƙarfe 8:00 na safe zuwa 5:00 na yamma, mu raba aikin yini gida biyu. Masu awo, ɗauri da lodi, da direbobin da ke tare da su, za su fara ƙarfe 6:00 na safe su tashi 11:00, sannan su dawo ƙarfe 4:00 bayan La'asar su tashi 7:00. Ma'aikatan ofis kuma 10:00 zuwa 1:00, sai 4:00 zuwa 9:00 na dare. Asabar zuwa Alhamis ne kamar kullum, Juma'a hutu.

Dalili na farko doka ce. Kowace shekara Ma'aikatar Ƙwadago ta Saudiyya tana hana aiki a cikin rana daga 12:00 zuwa 3:00, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, kuma kamfanin da ya saɓa ana cin sa tara. To amma ko da babu doka, abin da muka gani ranar Litinin ya ishe mu. Ɗan'uwanmu da ke jera buhunan alhazai a cikin kwantena ya yanke jiki ya faɗi dab da Azahar, sai da aka ɗauko shi zuwa inuwa, aka yi ta kwara masa ruwa kafin ya dawo hayyacinsa. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Duk wanda ya taɓa shiga kwantena da hantsi ya san abin da nake nufi: ƙofar ƙarfen ba ta taɓuwa sai da tsumma, ciki babu iska, ga damshin teku da ke hana gumi bushewa. Shi ya sa muka ce a tashi 11:00, ba mu jira 12:00 da doka ta faɗa ba. Kwantena ta kwana ba a cika ta ba ya fi mini sauƙi da in kira gidan wani in sanar da mummunan labari.

Na biyu, masu kayanmu. Alhazai sun sauko daga Mina, jirage za su fara kwasa zuwa Kano, Sakkwato da Yamai, kuma ba sa fitowa kasuwa sai rana ta yi sanyi. Yawancin dardumai, dabino da jallabiyoyi bayan La'asar suke isowa sikeli, mu kuma a lokacin muna shirin kulle ƙofa. Ga shi muna gaban Najeriya da Nijar da awa 2, ƙarfe 5:00 ɗinmu 3:00 ce a can, wakilanmu na tsakiyar aiki muke barin su.

Na san tambayar da ke ran kowa. Albashi ba zai taɓu ba ko da riyal ɗaya. Awa 8 ce a rana, 48 a mako, kamar da. Wanda lodi ya riƙe shi bayan lokacin tashi, a rubuta masa a littafi a ranar, za a biya shi kuɗin awar da ƙarin rabin ladanta, yadda dokar ƙwadago ta tanada. Lokacin salla yana nan, musamman idan Magariba ta matso cikin Agusta.

Wahalar da ke cikin tsarin ita ce zuwa sau biyu, kuma ban raina ta ba, balle ga mazauna Sabil da Karantina. Motar kamfani za ta ɗauki mutane ƙarfe 5:15 bayan Asuba, ta mayar da su 11:15, ta sake zagayawa 3:00. La'asar a masallacin sito za a yi ta. Wanda ya ga komawa gida ɓata lokaci ne, ɗakin baya a buɗe yake, an gyara na'urar sanyaya shi, an shimfiɗa tabarmi.

Ina roƙon shugabannin 'yan lodi: kada kowa ya buɗe kwantena a lokacin hutu, ko da alhaji ya ce jirginsa yau ne. A turo shi wurina. A sha ruwa kafin a ji ƙishi. Wanda ya ji jiri, ciwon kai ko tashin zuciya, ya ajiye kayan nan take, babu wanda zai ce masa rago. In mutum ya suma ko ya fara sambatu, a kira motar asibiti a 997 tukuna, sannan a kira ni.

Mai uzurin da tsarin bai dace da shi ba, na rashin lafiya ko na iyali, ya same ni a ofis kafin Magaribar Asabar mu duba tare. Shugaban kowane sashe ya karanta wa mutanensa takardar nan gobe da safe, a kuma manna ta kusa da sikeli.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a nema.

Manajan ofishin Jidda