Takardar Neman Biyan Kuɗin Tafiyar Aiki, 3 zuwa 7 ga Maris

Agege, Legas
10 ga Maris, 2025

Zuwa ga Alhaji Ma'aji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ana shan ruwa lafiya, ga lissafin zirga-zirgar da na yi wa kamfani da motata a makon jiya, bisa ƙa'idarmu ta naira 180 a kowace kilomita.

Kafin a duba hotunan mita da na haɗo, Alhaji, a lura cewa motar tokumbo ce daga Amurka, mitarta da mil take ƙirga tafiya, ba da kilomita ba. Ranar Litinin da safe a ƙofar ofis tana kan 148,210, ranar Juma'a da yamma a wuri guda ta kai 148,395. Bambancin mil 185 ke nan. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, saboda haka:

185 × 1.609 = 297.7

Na mayar da shi kilomita 298. In aka ɗauki 185 ɗin nan a matsayin kilomita, kilomita 113 sun salwanta, wato naira 20,340 daga aljihuna. Shi ya sa na fara da wannan.

Ba duka 298 ɗin ne na kamfani ba. Zuwa aiki da komawa gida ba a biyan sa, na sani. Daga gidana a Ogba zuwa ofis kilomita 6 ne, kuma tsakanin karatun mita na farko da na ƙarshe na yi wannan hanya sau 8, kilomita 48 ke nan. Sannan ranar Talata, a kan hanyar dawowa daga Apapa, na ratse Idi-Araba gaisuwar rasuwa. Wannan sabgata ce, ta ƙara kilomita 9, na cire. Abin da ya rage:

298 − 48 − 9 = 241

Ga inda suka tafi, kowace tafiya daga ofis ne zuwa da dawowa. Litinin, kasuwar Mile 12 wajen dillalan wake, kilomita 30. Talata, Apapa kan takardun kayanmu, 58. Laraba, Alaba Rago karɓar bashi, na bi ta Iyana Ipaja da Igando, 56. Alhamis, Ikorodu duba sabon sito, 68. Juma'a na koma Mile 12 saboda buhunan da aka ce ba su cika awo ba, 30. Jimilla 242. Kilomita ɗaya da ta yi sama daga cike ƙananan lambobi ta fito, don haka na tsaya a kan 241, wadda mita ta bayar.

241 × 180 = 43,380

Kuɗin ajiye mota dabam yake, ba ya cikin na kilomita: naira 1,500 a Apapa, da 500 sau biyu a Mile 12, ya zama 2,500, rasit uku na nan a manne. Abin da na miƙa wa yaran bakin titi a Apapa don su bar ni in juya ban sa ba, tunda su ba sa ba da rasit. Duka ya kama naira 45,880. An ba ni 20,000 ranar Litinin kafin in fita, saura naira 25,880 nake bi. A tura ta asusun da ake biyana albashi.

Mai kula da sito ya bi ni Ikorodu a motata, mun yi magana ba zai nemi kuɗin mota na ranar ba.

Akwai kuma abin da nake roƙon a kai gaban manaja. Lissafin kilomita bai san cunkoso ba. Tafiyar Apapa a takarda ba ta kai ta Ikorodu ba, amma ta fi ta shan mai nesa ba kusa ba, domin tun daga Ijora nake bin bayan tireloli da tankoki, inji na aiki, mita tana tsaye. A hanya mai kyau motar nan tana yin kilomita 8 da lita guda. Tunda lita ta haura naira 800, mai kaɗai yana cinye sama da naira 100 cikin 180, ragowar kuma ita ce ta bakin mai da taya da birki da makaniki. A ranar Apapa ragowar nan ba ta saura. Ban ƙara ko kwabo a lissafin da ke sama saboda wannan ba, ƙa'ida na bi. Amma ina ganin ya dace a ware wa Apapa wani ƙari na musamman, ko kuwa a riƙa tura mu can da motar kamfani.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka,
Jami'in sayen kaya