Tunatarwa kan Takardar Neman Biya Mai Lamba 0317

Laraba, 14 ga Mayu

Assalamu alaikum Hajiya Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da iyali da duk ma'aikatanki. Yaya aiki, yaya kasuwa? Allah Ya ƙara buɗi.

Hajiya, na rubuto ne kan takardar neman biya mai lamba 0317, wadda muka aiko ofishinku ranar 3 ga Maris, bayan mun kammala buga takardun manna wa robobin sabulu guda 5,000 da littattafan rasidi 200. Kamar yadda muka yi yarjejeniya, kun ba da kashi 40 cikin 100 na kuɗin a matsayin kafin alƙalami tun kafin mu ɗora aikin a kan inji, sauran kashi 60 kuma za a biya cikin kwana 30 da karɓar kaya. Wa'adin ya cika ranar 2 ga Afrilu. Yau mako shida ke nan cif, kuma da na duba bayanan asusunmu da safen nan ban ga shigowar cikon ba.

Na daɗe ina jujjuya maganar a raina kafin na zauna rubuta ta. Shekara huɗu muna hulɗa da ku, ban taɓa bin ki kuɗin aiki ba. Sau da yawa ma kafin mu gama shirya takarda an riga an turo kuɗin. Shi ya sa da wa'adi ya wuce ban kawo komai a zuciyata ba, na ce wataƙila wani abu ne ya gitta. Ranar 16 ga Afrilu na tura ɗan gajeren saƙo ta waya ga Malam Bashir na sashen kuɗinku, ya amsa cewa zai duba. Daga nan ban sake ji daga gare shi ba, ni kuma ban so in matsa masa ba, don na san ba shi ke da ta cewa a kan fitar kuɗi ba. Sai na ga ya fi dacewa in zo wurinki kai tsaye, tunda da ke muka ƙulla cinikin.

Mai yiwuwa ne an biya, kuskuren daga wajenmu yake. Yakan faru a turo kuɗi ba tare da an rubuta lambar takardar a wurin bayani ba, ko a turo daga asusun da ba ya ɗauke da sunan kamfani, sai mai kula da littafinmu ya kasa gane na wane ne. Idan haka ne, don Allah a aiko mini da shaidar turawar, ko hotonta ma ya isa, in daidaita littafi a ranar, kuma ki yi mana afuwa kan wannan wasiƙar. Mai yiwuwa kuma takardar ce ta shige cikin wasu takardu, musamman da na ji kun yi ƙaura zuwa sabon ofishi a ƙarshen Maris. Saboda haka na haɗo wani kwafinta da wannan wasiƙa, tare da takardar karɓar kaya da mai kula da sitonku ya sa wa hannu bayan ya ƙirga katan 12 a gaban direbanmu. Adadin cikon yana rubuce a ƙasan takardar, ba a ƙara ko sisi a kansa ba.

Akwai kuma abin da nake so in tambaya da gaske: ko akwai wani abu a aikin da bai yi miki ba? Ina tune da cewa koren da ya fito a samfurin farko bai yi daidai da na tambarinku ba. Kika ɗora tsohuwar robar kusa da sabuwar takardar a kan teburina, kika ce in duba da idona. Gaskiyarki ce, ya yi duhu. A daren muka sake haɗa launin, washegari kika gani kika amince, sannan muka buga sauran. Ban ji wani ƙorafi ba bayan haka, amma idan gam ɗin bai kama roba da kyau ba, ko lambobin rasidi sun tsallake a wani littafi, ina so in sani. Gyaran a kanmu yake, kuma gara in ji daga bakinki da a ce abin yana damunki kin yi shiru.

Idan kuwa yanayin kasuwa ne, Hajiya, ba sai an yi mini dogon bayani ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ni ma da nake rubuta wannan ana bi na. Takardar da tawadar da muka yi aikinku da su bashi muka karɓo daga dilan da ke kawo mana kaya, a bisa alkawarin za mu biya shi idan an biya mu. Ya yi haƙuri ƙwarai, amma ya kira sau biyu a makon nan, ga albashin ma'aikata bakwai yana jira a ƙarshen wata. Ban faɗi wannan don in ɗora miki nauyi ba. Na faɗa ne don ki san dalilin da ya sa na kasa ƙara jira ban yi magana ba.

Abin da nake roƙo shi ne a biya cikon zuwa ranar Juma'a, 23 ga Mayu. Idan biya a dunƙule zai takura ku, na yarda a raba shi biyu: rabi ranar 23 ga Mayu, rabi ranar Juma'a, 13 ga Yuni. Idan ma waɗannan ranakun ba su yi ba, ki faɗi wadda ta yi miki, mu rubuta ta mu tsaya a kai. Sanin ranar shi ne babban abin da nake buƙata, don in samu abin da zan gaya wa dilan nan.

A tura kuɗin ta asusun da ke rubuce a jikin takardar, a sa 0317 a wurin bayani. Asusunmu bai canza ba. Idan wani ya aiko muku da saƙo da sunanmu yana cewa mun sauya asusu, kada a biya sai an kira ni an ji muryata, domin ’yan damfara suna bin irin wannan hanyar.

Maganar sababbin takardun man shafawa da kika ce kina so a Yuni tana nan, ban manta ba. Mai zanenmu ya riga ya fitar da samfuri biyu, ɗaya da farin bango, ɗaya da ruwan zuma, kuma ni dai na biyun ya fi burge ni. Duk ranar da kika samu sarari zan kawo su ki zaɓa.

In sha Allahu zan kira ki ranar Litinin da hantsi in ji ko wasiƙar ta iso. Idan lokacin bai yi miki ba, ki turo saƙo ki faɗi wanda ya fi.

Na gode ƙwarai da amanar da kike ba mu. A gaida Alhaji da yara.

Naki,
Sani Abdu
Manajan maɗaba'a