Wasiƙa Zuwa Ga Sabon Yaron Kicin

Habu, barka da zuwa.

Gobe da asuba kai ne kan suyar ƙosai da dankali, don haka ka riƙe waɗannan. Kada man gyaɗa ya wuce rabin kasko, yana tasowa idan aka zuba abu. Ka tsane dankali sosai kafin ka sa, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya fantsamo maka mai a fuska. Ka riƙa saki a hankali daga gefen kasko, ban da jefawa.

In mai ya fara hayaƙi, kashe wuta. In ya kama da wuta, kada ka kuskura ka watsa ruwa! Kashe gas, ka rufe da murfin ƙarfe, ka kira ni.

Kasko na kan wuta, ba ka ba waya.

Inna Laraba