Zuwa ga Malam Auwalu, ranar cikarsa shekara 40

Juma'a, 14 ga Nuwamba, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam Auwalu.

Na san ba ka bikin ranar haihuwa, na kuma san malamai sun yi saɓani a kansa, don haka babu kek, babu taro, ba zan kuma sa hotonka a waya jama'a su yi ta yayatawa ba. Gaisuwa ce da addu'a daga ɗan'uwa zuwa ɗan'uwansa.

Yau ka cika shekara 40 a lissafin Miladiyya. A lissafin Hijira kuwa ka riga ka wuce nan, domin an haife ka a 1406, yanzu muna 1447, ka ga 41 ke nan har da 'yan watanni. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11 ko kusa da haka, shi ya tara wannan ratar. Ko ta wane lissafi aka bi, ka kai shekarun da Allah ya ambata da adadinsu a Suratul Ahƙaf, aya ta 15, ya kuma koya wa wanda ya kai su abin da zai roƙa:

"Rabbi auzi'ini an ashkura ni'imatakal lati an'amta alayya wa ala walidayya, wa an a'amala salihan tardahu, wa aslih li fi zurriyyati, inni tubtu ilaika wa inni minal muslimin."

Ka fi ni sanin fassararta, amma dubi yadda ta tattaro gidanka gaba ɗaya: godiya a kan ni'imar da aka yi maka da wadda aka yi wa iyayenka, aikin da Allah zai yarda da shi, shiryuwar zuriya, sannan tuba. Ita na roƙa maka yau, ba ni da wadda ta fi ta. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sauƙaƙa mata ciwon gwiwar nan. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Khadija da Abdullahi da ƙaramarsu, Allah ya raya maka su bisa tafarkin addini, ya saka wa mahaifiyarsu da alheri.

Ban ce Allah ya ja kwana na yi shiru ba, tunda kai da kanka kake gyara wa yara wannan a Islamiyya. Hadisin Tirmizi ya haɗa abu biyu ne, tsawon rai da kyawun aiki. To Allah ya ja kwananka cikin ɗa'arsa da ƙoshin lafiya. Shagon ɗinkinka na Kasuwar Barci kuma, Allah ya sa albarka a cikin abin da ya ba ka, irin albarkar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa Anas ɗan Malik a dukiya da 'ya'ya.

Sai maganar hadda, wadda na san ita ce a ranka. Ka ce saura izu 10. A bugun Madina mai shafi 604, izu ɗaya kusan shafi 10 ne, ke nan shafi 100 ya rage maka. In ka riƙe rabin shafi kullum bayan Asuba, kwana biyar a mako, ka bar Alhamis da Juma'a don tilawa kaɗai, mako 40 ya ishe ka. Abin da yake kayar da mutane a nan shi ne gaggawar ƙari: a ɗauki shafi biyu a rana, tsohon karatu ya yi ta zubewa ba a sani ba. Kada ka ƙara sabo sai ka ba wani haddar jiya ya saurara. In ɗinkin Sallah ya taso, dakatar da ƙarin gaba ɗaya, ka tsare tilawa, ko da izu ɗaya ne a rana. Allah ya nuna mana ranar saukarka.

Abu ɗaya nake roƙonka, ka je a auna maka jini da suga a cikin watan nan. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, kai kuma wuni kake a zaune kan keke.

Gobe Asabar in sha Allahu zan shigo Tudun Wada bayan La'asar in gaishe da Hajiya. Akwai kwalbar zuma da turare da na ajiye maka. Yau kuma in ka zauna addu'a kafin Magariba, ka sa ni da iyalina a ciki.

Naka,
Bashir
Unguwar Rimi, Kaduna