Tafi Lafiya, Kallabina

Jiya jiya nake goyonki a zani,
Kina tsotsar yatsa, kina jan gashina.
Yau ga akwati a bakin zaure,
Motar Sakkwato na jira a tashar Gusau.

Amshi:
Tafi lafiya, kallabina,
Tafi lafiya, sanyin idona.
Ɗiyata, hawayen nan na murna ne,
Allah ya kai ki, ya maido mini ke.

Na ƙulle miki ƙuli-ƙuli da yaji,
Ga garin rogo, ga soyayyen nama.
Kuɗin adashena na ƙasan akwati,
Cikin tsohon zanena mai ruwan goro,
Kar ki faɗa wa babanki.

Amshi

In kin shiga Jami'ar Ɗanfodiyo,
Can Dundaye inda rana ke ƙuna,
Riƙe sallarki, riƙe littafinki.
Ki zaɓi ƙawa kamar zaɓen shinkafa,
A tsince tsakuwa kafin a ɗora tukunya.

Amshi

Ni ban wuce aji shida ba, ɗiyata,
Alƙalamin da na ajiye, ke kika ɗauka.
Wa zai taya ni tuƙa tuwon dare?
Kira ni ran Juma'a, ko gaisuwa ce kawai.

Amshi