Takardar ƙungiyar lissafi: yadda ake zaƙulo ƙaramar siffa daga cikin babban zane

Zuwa ga 'yan ƙungiyar lissafi na aji biyar da aji shida, Argungu.

Assalamu alaikum. Wannan takarda ta zaman Asabar mai zuwa ce. Kowa ya karanta ta a gida da fensir a hannu, ya kuma zo da rula da magogi da fallen takarda biyu. Biro kada ma ya fito daga aljihu, domin aikin nan akwai yawan gogewa.

Ga irin tambayar da za mu yi aiki a kai. Za a nuna maka wata 'yar siffa a gefe, a ce tana nan cikin wani babban zane mai layuka rututu, kai kuma ka nemo ta ka bi gefenta da fensir. Ana saka ta a jarrabawar gwajin basira, kuma na lura yawancinku abu ɗaya kuke yi: ku ƙura wa zanen ido kuna jira siffar ta fito da kanta. Wani lokaci takan fito, sai yaro ya ɗauka shi mai kaifin ido ne. Ranar da ta ƙi fitowa kuwa ba shi da abin yi sai cizon fensir. Abin da nake so ku koya shi ne hanyar da ba ta dogara da sa'a ba.

Tambayar ba sabuwa ba ce. Wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Kurt Gottschaldt, ya wallafa bincike a kanta a 1926. Ya riƙa nuna wa mutane ƙaramar siffa sau da yawa har ta zauna musu, sannan ya nuna musu babban zanen da take ciki, sai ya ga yawan ganin nan bai sa ta faɗo musu a ido da kanta ba. Daga baya Herman Witkin a Amurka ya mayar da ita gwaji a 1950, kuma a 1971 aka fitar da wanda ake yi wa mutane da yawa a zama ɗaya. A wannan na ƙarshen tambayoyi 18 ake ba wa maki, an raba su tara-tara, kowane kashi minti biyar. Ku yi lissafin da kanku: kowace tambaya ba ta samu fiye da daƙiƙa 33 da ɗoriya ba. Mai zaman jiran siffa ta fito lokaci zai ƙare masa.

Me ke ɓoye ta? Ido yana son bin layi har inda ya ƙare. Ku dubi dagin da ke jikin hula ko ƙofar gida: ido na hawa kan zaren sai ya bi shi ya zagaya, ba ya tsayawa a mahaɗa ya ce bari in karya kwana. To ita ƙaramar siffa a tsakiyar dogon layi take karya kwanarta. Gefenta ɗaya rabin wani dogon layi ne, ɗaya gefen kuma bangon wata siffa ce da ta fi ta ɗaukar ido. Ga kuma layukan da suka ratsa ta ciki suka yanka ta gunduwa-gunduwa. Idan aka ƙara da launi ko inuwa, ido sai ya haɗa masu launi ɗaya wuri guda, ko da ba su da haɗi da abin da ake nema.

Yanzu ɗauki takarda. Rubuta lambobi tara yadda suke a maɓallan waya, ka bar santimita huɗu tsakanin kowace lamba da maƙwabciyarta. Wannan tazarar za mu kira ta taki ɗaya.

1 2 3
4 5 6
7 8 9

Ja layi ka kewaye su, daga 1 zuwa 3 zuwa 9 zuwa 7, ka koma 1. Ja daga 2 zuwa 8, da daga 4 zuwa 6. Ja daga 1 zuwa 9, da daga 3 zuwa 7. Sannan ka haɗa 2 da 4, 2 da 6, 4 da 8. Tsakanin 6 da 8 kada ka ja komai, da gangan na bar shi. Wannan shi ne babban zanenmu.

A ɗaya takardar zana abin da za mu nema. Layi a kwance, taki ɗaya, daga hagu zuwa dama. Daga bakinsa na dama ka gangaro a karkace, taki ɗaya ƙasa taki ɗaya hagu. Daga nan ka yi hagu taki ɗaya a kwance, sannan ka hau a karkace ka koma inda ka faro. Ka sami siffa mai gefe huɗu wadda ta jingina dama.

Kafin ka ko kalli babban zanen, faɗi siffar da baki. Gefe nawa? Huɗu. Nawa ne a kwance, nawa a tsaye, nawa a karkace? Biyu a kwance, biyu a karkace, babu na tsaye. Ina ta jingina? Dama. Wanne ya fi tsawo? Na karkacen. Wannan matakin shi ne wanda kuka fi tsallakewa, alhali shi ne rabin aikin. Abin da ka faɗa da baki ba ya narkewa idan ka shiga cikin layuka, amma hoton da ka riƙe a ido kawai yana shiga sai ya ɓace. A wancan gwajin na 1971 ma a bangon baya na littafin ake buga ƙananan siffofin, ba za ka iya kallon su tare da babban zanen a lokaci ɗaya ba, dole ka riƙe bayaninsu a ka.

Sai ka zaɓi inda za ka kama. Ƙa'idar ita ce ka kama abin da ya fi ƙaranci a cikin babban zanen. Ƙirga taki na kwance: guda shida ne. Ƙirga na karkace masu hawa daga hagu zuwa dama: 4 zuwa 2, 7 zuwa 5, 5 zuwa 3. Uku kacal. Masu gangarowa daga hagu zuwa dama, wato 1 zuwa 5 da 'yan'uwansa, ba ruwanmu da su, tunda siffarmu ba ta da irinsu. Ka ga tun ba a fara bi ba wuraren nema sun dawo uku. A wani zanen abin kamawar zai zama tsini mai kaifi, ko lungu da ya shige ciki, ko layi ɗaya da ya fi sauran tsawo. Kusurwa irin ta murabba'i kuwa ba a cika kama ta ba, don ko'ina akwai ta.

Rubuta ukun nan a gefen takarda, ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a matsayin gefen hagu na siffar. Bi ta hanya ɗaya kullum, yadda hannun agogo ke juyawa. Aikin kamar bin sawun saniya ɗaya ne a inda garke ya wuce: in ka ɗaga kai ka duba wani sawun, naka ya ɓace.

Fara da 7 zuwa 5. Sa bakin fensir a 7, hau zuwa 5. Bayani ya ce yanzu dama, taki ɗaya: 5 zuwa 6, akwai layi. Sai gangarowa a karkace daga 6 zuwa 8. Babu. A nan ne ake gane mai gaskiya, domin gefe uku na siffar suna nan, har da 8 zuwa 7, ido kuma zai cike maka na huɗun ya ce ai ga ta. Kada ka yarda. Duk gefen ƙaramar siffa dole ya kwanta kan layin da aka riga aka ja, ba a ƙara ko ɗan guntu. Soke wannan a jerinka, don kada ka sake dawowa kansa bayan minti ɗaya kana tsammanin sabo ne.

Na biyu, 5 zuwa 3. Ka iso 3, bayani ya ce dama, dama kuwa wajen zane ne. Soke shi.

Saura 4 zuwa 2. Hau zuwa 2, yi dama zuwa 3, akwai. Gangaro daga 3 zuwa 5, akwai. To a nan ka yi hattara. Layin bai tsaya a 5 ba, ya zarce har 7, kuma layuka takwas ne suka haɗu a 5, kowanne yana kiran fensir. Kai dai taki ɗaya aka ce, saboda haka ka tsaya, ka yi hagu zuwa 4. Ka dawo inda ka faro. Siffar ita ce 4, 2, 3, 5. Yanzu dubi cikinta: layuka uku sun ratsa ta, na 2 zuwa 5, da wani yanki na 1 zuwa 5, da wani yanki na 2 zuwa 6. Su ne suka hana ka ganin ta tun farko, kuma ba laifi ba ne su kasance a ciki. Layi ya ratsa siffa ko ya wuce kusurwarta, duk an yarda. Gefe ya ɓace ne ba a yarda ba.

Na san akwai wanda tun a kallon farko zai ce ya gan ta a 1, 2, 6, 5, ko a 4, 5, 9, 8. Gefe huɗu ne, girma ɗaya ne, duk layukan suna nan. Amma waɗannan hagu suka jingina, wato siffar ce yadda za ta fito a madubi. Sai dai idan tambayar ta faɗa ƙarara cewa an yarda a juya, in ba haka ba siffar tana nan da girmanta da fuskar da ta kalla. Masu shirya tambaya suna sane suke ajiye irin wannan, kuma ya fi cin masu sauri. Shi ya sa bayan ka gama bi za ka sake ƙirga gefe da kusurwa, ka gwada tsawo da rula. A gida kana iya kwafe siffar a takarda mai shara-shara ka ɗora a kai ka gani, amma a zauren jarrabawa ba ka da wannan, don haka kada ka saba da ita.

Wasu za su ce wannan hanya ta yi jinkiri. A farko haka ne. Bayan zane ashirin ko talatin, faɗa da baki da ƙirgar nan cikin ka za su riƙa faruwa. Kuma amfaninta bai tsaya a jarrabawa ba. Mai ɗinkin hannu da zai kwafi aska takwas daga tsohuwar riga, da mai gyaran wuta da ke bin waya ɗaya a zanen wayoyin gida, wannan aikin suke yi.

Ga aikin gida, a kan wannan babban zanen dai. Siffa ce mai gefe shida: dama taki ɗaya, ƙasa taki biyu, hagu taki ɗaya, hawa a karkace taki ɗaya sama taki ɗaya hagu, dama taki ɗaya, sama taki ɗaya. Zana ta a gefe tukuna, sannan ka nemo ta. Ba amsar kaɗai nake so ba. Ka rubuta mini abin da ka zaɓa ka kama da dalilin zaɓen, da wuraren da ka gwada ka soke. Wanda ya kawo lambobi shida tsura ba zan duba ba.

Bayan wannan, kowa ya samo faifai ko tabarma ko hula mai aiki a gidansu, ya zaɓi wata ƙaramar siffa a jikin adon, ya zana ta a takarda daidai girmanta, ya zo da duka biyun. Za ku yi musaya biyu-biyu, kowa ya nemo ta ɗan'uwansa cikin minti ɗaya. Wanda zai ɗauko hular babansa ya nemi izini tukuna. Zama ƙarfe goma na safe, a ajin da muka saba.