Wasiƙar Godiya Zuwa Ga Lauyanmu

Daga Ƙungiyar Masu Haya ta unguwarmu, Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum, Barista.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, dattawa da matasan ƙungiyarmu sun sa ni in rubuto maka godiyarmu.

Ranar Asabar ka baro ofishinka a Adum, ka zauna da mu a kan benci tun bayan Azahar har aka kira Magariba, ko sidi ɗaya ba ka karɓa ba. Da yawanmu ba mu san cewa dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin haya na gaba fiye da na wata shida ba, alhali shekara biyu ake tatsar mu. Ka kuma nuna mana cewa ba mai ikon watso wa mutum kaya waje sai da umarnin kotu.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne yadda ka karɓi takardar wata gwauruwa, wadda duk ta yamutse a bakin zane, ka karanta mata layi-layi da Hausa. Jiya ta kai ƙararta ofishin kula da haya, rasit a hannu.

Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Naka,
Sakataren ƙungiya